Wa Aka Tambaya, Me Ya Tuna? Hanyoyi Biyu da Binciken Cuta Ke Karkacewa

Idan cuta ba ta yawaita a cikin jama'a ba, ko kuwa tana ɗaukar shekaru kafin ta bayyana, masu bincike ba sa iya tara dubban lafiyayyu su zauna jiran ganin wanda za ta kama. Abin da suke yi shi ne su fara daga ƙarshe su koma baya: su nemo waɗanda cutar ta riga ta kama, su nemo wasu da ba ta kama ba domin kwatance, sannan su tambayi kowane ɓangare abin da ya sha, ko ya shaƙa, ko ya yi mu'amala da shi a shekarun baya. Idan wani abu ya fi yawa a tarihin masu cutar, sai a fara zarginsa. Hanya ce mai sauri da sauƙin kuɗi, amma ta dogara ga abubuwa biyu da ba kullum suke tabbata ba. Na farko shi ne cewa mutanen da suka shiga binciken suna wakiltar jama'ar da masu cutar suka fito daga cikinta. Na biyu kuma shi ne cewa abin da aka rubuta game da kowane mutum shi ne ainihin abin da ya faru da shi. Idan na farko ya rushe, an samu karkatar zaɓi. Idan na biyu ya rushe, an samu karkatar bayani. Mutane da yawa suna haɗa su wuri ɗaya su ce binciken yana da matsala, alhali ƙofar da kowacce take shigowa daban ce, maganinta ma daban ne.

Lambar da irin wannan bincike yake fitarwa ita ce ma'aunin alaƙa, wanda ake rubuta shi da haruffan OR a rahotanni. Ana raba mutane gida huɗu: masu cuta da suka haɗu da abin da ake zargi (a), masu cuta da ba su haɗu da shi ba (b), abokan kwatance da suka haɗu da shi (c), da abokan kwatance da ba su haɗu da shi ba (d).

```
OR = (a × d) / (b × c)
```

Idan lambar ta fito 1, babu alaƙa. Idan ta haura 1, abin ya fi yawa a ɓangaren masu cuta, idan kuma ta gaza 1, sai ya zama kamar yana ba da kariya.

Bari mu ƙaddara wani misali, wanda lambobinsa na koyarwa ne kawai. Ana so a san ko wani maganin zazzaɓi da mace ta sha a watanni uku na farkon ciki yana da hannu a wata nakasa da ake haihuwar jarirai da ita. An samu iyaye mata 200 da suka haifi jarirai masu nakasar, da wasu 200 da suka haifi lafiyayyu. A gaskiyar da mu muka sani amma masu binciken ba su sani ba, maganin ba shi da laifi ko kaɗan: a kowane ɓangare mata 60 ne suka sha, 140 ba su sha ba, don haka ma'aunin gaskiya 1 ne.

Yanzu a dubi matan biyu da mai tambaya zai zauna a gabansu. Wadda ta haifi jariri mai nakasa ta shafe watanni tana juya tarihin cikin nan a ranta. Ta tambayi mijinta, ta tambayi mahaifiyarta, ta buɗe akwatin da take ajiye magunguna ta duba tsofaffin kwalaye, likitoci sun yi mata wannan tambaya fiye da sau ɗaya, kuma duk daren da barci ya ƙaurace mata tana tambayar kanta ko akwai abin da ta yi. Da aka ambaci maganin, nan take za ta ce ta sha na kwana biyu a wata na biyu. Ita kuwa wadda jaririnta ke wasa lafiya a kan cinyarta, babu abin da ya taɓa sa ta waiwayi wani zazzaɓin kwana biyu da ya wuce shekara guda, sai ta ɗan yi shiru ta ce ba ta jin ta sha wani abu. Babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu, kuma wannan shi ne abin da ya kamata a riƙe: karkatar tuni, wadda wani nau'i ce na karkatar bayani, ba ta bukatar maƙaryaci, bambancin zurfin tunawa kawai take bukata.

A ce cikin mata 60 na ɓangaren farko kashi 90 cikin ɗari sun tuna, wato 54, sauran 6 aka rubuta su cikin waɗanda ba su sha ba, suka zama 146. A ɓangaren kwatance kuma kashi 60 cikin ɗari ne suka tuna, wato 36, waɗanda aka rubuta ba su sha ba suka zama 164. Lissafin zai zama 54 sau 164 a raba da 146 sau 36, abin da ya ba da kusan 1.7. Maganin da ba shi da laifi ya fito da alamar haɗari, ba don an zaɓi mutanen da ba su dace ba, sai don an ajiye wasu daga cikinsu a gidan da ba nasu ba.

To, a sake ɗaukar misalin ta wata fuska. A wannan karo kowace mace ta tuna daidai, har da takardar likita a hannu. Sai dai jarirai masu nakasar an samo su ne daga babban asibitin da ake turo irin wannan lalura daga kowane lungu na yankin, yayin da abokan kwatancen aka ɗebo su, saboda sauƙi, daga cikin matan da ba sa fashin zuwa awon ciki a wannan asibiti, inda ake yawan gargaɗinsu game da shan magani ba tare da izini ba. A cikin irin waɗannan mata kashi 20 cikin ɗari ne kawai suka sha maganin, wato 40 cikin 200, alhali a cikin jama'ar yankin kashi 30 ne. Lissafin ya zama 60 sau 160 a raba da 140 sau 40, kuma ya sake ba da kusan 1.7. Lamba iri ɗaya ce, kuma wanda ya ga sakamakon kaɗai ba zai taɓa sanin ta wace hanya aka iso gare ta ba.

Tambayar da nake ganin ta fi raba su a sauƙaƙe ita ce wannan: da za a ba mu cikakken tarihin kowane mutumin da ke cikin binciken, ba tare da kuskure ko ɗaya ba, shin matsalar za ta gushe? A misali na farko za ta gushe, domin matan da suka dace suna nan, rubutun da aka yi musu ne ya kauce. A misali na biyu ba za ta gushe ba ko da an kawo takardun duniya, domin matsalar tana tattare da waɗanda ba a gayyato ba. Saboda haka karkatar bayani takan bar ƙofar gyara a buɗe, a koma ga takardun asibiti ko na kantin magani a auna girman mantuwar. Karkatar zaɓi kuwa tana bukatar labarin mutanen da ba su cikin binciken, wanda shi ne labarin da ya fi wuyar samu. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne ƙara yawan mutane ba ya warkar da ko ɗaya. Idan aka mayar da mata 200 suka zama 2,000 a kan tsari iri ɗaya, lambar za ta tsaya a 1.7, iyakar abin da zai canza shi ne tazarar rashin tabbas za ta tsuke, kuskuren ya ƙara kama da gaskiya.

Akwai wani bambanci da ba a cika lura da shi ba, kuma a ganina shi ne ya fi nuna cewa halinsu ba ɗaya ba ne. A ƙaddara cewa wannan karon akwai alaƙa ta gaske: cikin masu cuta 100 sun haɗu da abin, 100 ba su haɗu ba, cikin abokan kwatance kuma 50 sun haɗu, 150 ba su haɗu ba, ma'aunin gaskiya 3 ke nan. Idan rabin waɗanda suka haɗu da abin suka ƙi shiga binciken a ɓangarorin biyu daidai wa daida, za a rage da 50 da 100 a nan, 25 da 150 a can, kuma lissafin zai ci gaba da ba da 3. Amma idan mantuwa ce ta shafi ɓangarorin biyu daidai wa daida, kowanne ya tuna kashi 60 cikin ɗari, za a samu 60 da 140 a nan, 30 da 170 a can, ma'aunin ya sauko zuwa kusan 2.4. Dalili shi ne wanda ya ƙi shiga ya fita daga lissafin gaba ɗaya, wanda ya manta kuwa yana nan, ya koma ya gurɓata gidan waɗanda ba su haɗu da abin ba. Don haka zaɓi ba ya karkatar da ma'aunin sai shiga binciken ta dogara ga cutar da abin da ake zargi a haɗe, bayani kuwa ko kuskurensa ya yi adalci tsakanin ɓangarorin yana iya dusashe alaƙar gaske. Wannan dusashewa zuwa 1 ita ce abin da aka fi tsammani idan amsar e ko a'a ce, amma idan an kasa mutane mataki-mataki, daga mai kaɗan zuwa mai yawa, kuskuren yana iya tura lambar wani mataki sama.

Binciken da na fi so a duba domin ganin karkatar biyu suna aiki a lokaci ɗaya shi ne Interphone, wanda hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon a Faransa ta jagoranta a ƙasashe 13, aka kuma wallafa babban sakamakonsa a 2010. Tambayar ita ce ko amfani da wayar hannu yana da alaƙa da ƙarin da ke fitowa a ƙwaƙwalwa. An tattara masu nau'in da ake kira gilayoma su 2,708, aka tambaye su tare da abokan kwatance yaushe suka fara amfani da waya, sau nawa suke kira, tsawon wane lokaci, kuma a wane kunne suke kara ta. An ɗauki mutum a matsayin mai amfani da waya a kai a kai idan yana kira aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata shida ko fiye.

Sakamako biyu suka fito waɗanda suka yi hannun riga da juna. Ga masu amfani da waya a kai a kai gaba ɗaya, ma'aunin ya fito 0.81, kamar dai wayar tana kare mutum daga cutar, abin da masu binciken kansu ba su yarda da shi ba domin babu wani dalili na ilimin jiki da zai sa haka. Amma ga kashi ɗaya cikin goma da suka fi kowa daɗewa a kan waya, waɗanda jimillar kiransu ta kai sa'o'i 1,640 ko fiye, ma'aunin ya fito 1.40, ba tare da an ga yana hawa sannu a hankali a matakan da ke ƙasa ba.

Lamba ta farko tana ɗauke da alamar zaɓi. Cikin abokan kwatancen da aka gayyata, kashi 53 cikin ɗari ne kawai suka amince. Lafiyayyen mutumin da ba ruwansa da wayar hannu, idan aka aiko masa da gayyatar binciken da ya shafi waya, yana iya ganin abin bai shafe shi ba ya yi watsi da ita, mai waya kuwa ya fi sha'awar amsawa. Masu binciken ba su tsaya ga zato ba. Sun roƙi wasu daga cikin waɗanda suka ƙi shiga su amsa 'yan gajerun tambayoyi, suka gano cewa lallai masu amfani da waya sun fi ƙaranci a cikinsu. Tun da ƙin shiga ya fi yawa a ɓangaren kwatance, sai wannan ɓangare ya cika da masu waya fiye da yadda jama'a take, gidan c ya kumbura, ma'aunin ya yi ƙasa. Sun kiyasta cewa wannan kaɗai zai iya rage lambar da kusan kashi 10 cikin ɗari, wanda ya bayyana wani sashe na kariyar da ba ta gaskiya ba, ko da yake bai bayyana dukanta ba.

Lamba ta biyu kuwa tana ɗauke da alamar tuni. Da aka kwatanta abin da mutane suka faɗa da bayanan kamfanonin waya, an ga cewa mutane ba su iya kiyasta kiransu da kyau: sukan rage yawan kiran, su ƙara tsawonsa, kuma masu yawan kira su ne suka fi zuzuta nasu. A wasu ƙasashen da aka yi wannan kwatance an ga alamar cewa masu cutar sun fi ƙara wa lissafinsu idan aka tambaye su game da shekarun da suka yi nisa. A cikin rukunin sama akwai waɗanda suka ce suna shafe fiye da sa'o'i 12 a kan waya kowace rana, kuma irin wannan amsa ta fi yawa a bakin masu cutar. Sai a tuna kuma cewa cutar a ƙwaƙwalwa take, wato gaɓar da ake roƙo ta tuna ita ce ba ta da lafiya, wasu marasa lafiyar ma 'yan'uwansu ne suka amsa a madadinsu. Tambayar kunne ta fi kowacce rauni, domin mutumin da aka yi wa aiki a gefen dama na kansa, ya kuma ji ana zargin waya, ba abin mamaki ba ne ya tuna cewa a dama yake kara ta. Ƙarshen abin da masu binciken suka ce shi ne akwai alamar ƙarin haɗari a rukunin sama, amma karkata da kuskure sun hana a fassara ta a matsayin sanadi. Ina ganin wannan hukunci ya yi daidai, kuma ba na tsammanin karkatar biyu sun soke juna don ɗaya ta ja ƙasa ɗaya ta ja sama, tun da ba a wuri ɗaya suka yi aiki ba kuma ba da ƙarfi ɗaya ba.

Abin da ke sa tsara irin wannan bincike ya yi wuya shi ne maganin ɗaya yakan buɗe wa ɗayar ƙofa. Dabarar da aka saba yi domin rage karkatar tuni ita ce a ɗauko abokan kwatance waɗanda su ma ba su da lafiya, domin su ma sun yi irin wannan dogon waiwaye. A misalinmu, sai a kwatanta da iyayen jariran da aka haifa da wata nakasa dabam. Hakan yana daidaita zurfin tunawa, amma idan maganin yana haddasa waccan nakasar ma, to an cika ɓangaren kwatance da waɗanda suka sha shi, haɗarin gaske ya ɓuya. Akasin haka ma yana faruwa. A 1981 Brian MacMahon da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun wallafa binciken da ya danganta shan gahawa da sankarar fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Abokan kwatancensu marasa lafiya ne da ke ƙarƙashin likitocin da suka duba masu sankarar, da yawansu masu ciwon ciki da hanji ne, irin mutanen da sukan rage gahawa ko su bar ta saboda lalurarsu. Gahawa ta yi ƙaranci a ɓangaren kwatance, sai ta zama kamar ta yi yawa a ɓangaren masu sankara, kuma binciken da suka biyo baya ba su tabbatar da alaƙar ba. Ƙa'idar da ke fitowa daga nan ita ce idan za a yi kwatance da marasa lafiya, wajibi ne cutarsu ta zama ba ta da alaƙa da abin da ake bincike, ko ta wajen haddasawa ko ta wajen sa su guje shi.

Kada kuma a ɗauka cewa duk binciken da ya dogara ga hira an gama da shi da an ambaci tuni. Zargi ne da ake iya gwadawa, kuma wani lokaci yakan faɗi. A 1956 Alice Stewart ta Jami'ar Oxford ta ba da rahoton cewa iyayen yaran da sankara ta kashe sun fi faɗin cewa an ɗauki hoton cikinsu da na'urar X-ray lokacin da suke da juna biyu. An soki binciken da cewa uwar da ta rasa ɗa ta fi tunawa, amma a 1962 MacMahon ɗin nan ya bi takardun asibiti a Amurka, waɗanda aka rubuta tun kafin a san yaron da zai kamu, ya kuma samu alaƙar. Wannan shi ne gwaji mafi ƙarfi, domin takardar da aka rubuta kafin cuta ba ta san makomar mai ita ba. Inda babu takarda, ana iya saka tambayoyi a kan wani abu da aka tabbata ba shi da alaƙa da cutar, idan masu cutar suka fi tuna shi ma, an kama karkatar. Ana kuma rage ta da nuna wa kowa jerin sunayen magunguna ko hotunan kwalayensu maimakon a ce ya faɗi abin da ya sha, da ɓoye wa mai tambaya ɓangaren da mutum yake, domin shi ma yana iya matsa wa mai cuta da ƙarin tambaya ya wuce lafiyayye da sauri.

Richard Doll da Austin Bradford Hill sun samu irin wannan gwaji daga cikin bincikensu na 1950 a asibitocin London, a kan taba sigari da sankarar huhu. Cikin maza 649 masu cutar, biyu ne kacal ba sa shan taba, yayin da aka samu 27 a cikin abokan kwatance masu wannan adadi. Ana iya cewa masu tambayar sun san wanda ke da sankara, ko kuma marasa lafiyar sun zuzuta shan tabarsu. Sai dai akwai wasu da aka yi hira da su a lokacin da ake zaton sankarar huhu ke damunsu, daga baya gwaji ya nuna ba ita ba ce. Waɗannan mutane an tambaye su a cikin yanayi ɗaya da masu sankarar, da zato iri ɗaya a zukatan masu tambaya, don haka da karkata ce ta samar da bambancin, da amsoshinsu sun yi kama da na masu sankara. Da aka duba, shan tabarsu ya yi daidai da na abokan kwatance.